Tokin Ya Mutu, Oda Tana Raye

A ce ka tura dillali kasuwar Dawanau, ka ce masa da zarar buhun masara ya sauko farashi kaza ya saya maka buhu ɗari. Ya karɓi kuɗi ya tafi. Da rana ta yi tsaka sai wayarka ta ɗauke. Kai ba ka jin sa, shi ba ya jin ka, amma umarnin da ka ba shi yana nan daram. Idan farashi ya sauko zai saya, domin haka kuka yi da shi. Matsalar tana wajenka. Idan ka ɗauki shirun nan a matsayin ba a sayi komai ba, ka sake tura wani dillalin da umarni iri ɗaya, to da yamma buhu ɗari biyu za a kawo maka, alhali kuɗin ɗari ka tanada.

Abin da ke faruwa ke nan da manhajojin ciniki masu gudanar da kansu, waɗanda matasa ke kira bot. Mutum ya rubuta manhaja, ko ya saya, ya haɗa ta da asusunsa a wata kasuwar hannun jari ko ta kirifto, ya bar ta tana saye da sayarwa dare da rana. Kasuwar ba ta sauraron kowa sai da shaida, shaidar kuwa ita ce tokin ko mabuɗi, wato jerin haruffa da lambobi da manhajar ke nunawa duk lokacin da ta buɗe baki. Galibin waɗannan shaidu suna da wa'adi. Wa'adin kan cika ana tsakiyar aiki, da odoji a buɗe suna jiran mai saye ko mai sayarwa. Odojin ba a kwamfutarka suke zaune ba, suna can a littafin kasuwar, kuma mutuwar tokin ba ta taɓa su. Abin da ya mutu shi ne hanyar da kake jin labarinsu da hanyar da kake ba su umarni.

Zan yi bayanin da kasuwar Binance, sashenta na cinikin alkawarin gaba, domin ƙa'idojinta a rubuce suke a fili, kuma sunanta ba baƙo ba ne a kunnen matasanmu, duk da ta daina hulɗa da naira a watan Maris na 2024. Ba talla nake yi mata ba, ba kuma ina kiran kowa ga irin wannan ciniki ba ne. Tsarinta dai ya fito da matsalar ƙarara.

Baki daban, kunne daban

Manhaja tana hulɗa da wannan kasuwa ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce baki. Da mabuɗin API da sa hannun sirri take aika oda, ta soke oda, ko ta tambayi halin da asusu yake ciki. Ta biyu ita ce kunne, wato layin `WebSocket` da ke buɗe kullum, wanda kasuwar ke turo labari ta cikinsa da zarar wani abu ya faru: an karɓi odarka, an cika rabinta, an cika ta duka. Kunnen nan yana da nasa tokin mai suna `listenKey`, kuma rayuwarsa minti 60 ce. Idan manhaja tana so ya ci gaba da aiki, sai ta aika saƙon sabuntawa kafin sa'ar ta cika, a ƙara masa wata minti 60. Ko da ana sabunta shi a kan kari, shi kansa layin ba ya wuce sa'a 24, sai an yanke shi an sake haɗawa.

Haɗarin yana cikin wannan rabuwa. Idan baki ya mutu, manhaja za ta sani nan take, domin duk saƙon da ta aika zai dawo da kuskure. Idan kunne ne ya mutu, bakin yana nan lafiya lau. Tana iya ci gaba da zuba odoji, kasuwa tana karɓa, ita kuwa ba ta jin sakamako. Kasuwar kan turo sanarwa guda mai suna `listenKeyExpired`, amma manhajar da aka rubuta ta saurari labarin odoji kaɗai za ta watsar da wannan sanarwa kamar ba ta gani ba. Daga nan sai shiru, kuma ga manhajar da ba a koya mata bambancewa ba, shirun mutuwar kunne da shirun kasuwar da ba ta motsi duk ɗaya ne.

Mu bi wani dare a hankali. Lambobin na misali ne, amma kowane mataki yana iya faruwa yadda zan faɗa.

Wani matashi ya bar manhajarsa tana aiki a kan `BTCUSDT`. Dokarta mai sauƙi ce. Ta sa odar sayen Bitcoin 0.10, idan ta ji an cika sai ta sa odar tsaida asara da tazarar kashi ɗaya cikin ɗari ƙasa da farashin saye. Idan sa'a guda ta wuce ba a cika ba, ta soke, ta sake sawa a sabon farashi. Ƙarfe 1:00 na dare ta karɓi `listenKey`. Ƙarfe 1:30 ta sabunta, wa'adi ya koma 2:30. Ƙarfe 2:00 ta sa odar saye a dala 60,000, wato cinikin dala 6,000, kuma asarar da mai ita ya yarda ya ɗauka dala 60 ce. A daidai lokacin ne sabis ya yi rawa na 'yan sakanni, saƙon sabuntawa bai isa ba, ɗan sashen manhajar da ke kula da sabuntawar ya faɗi bai tashi ba. Sauran sassa suna aiki, babu wanda ya lura.

Ƙarfe 2:30 kunne ya mutu. Ƙarfe 2:41 farashi ya sauko, aka cika odar. Yanzu matashin yana riƙe da Bitcoin 0.10 ba tare da wata kariya ba, domin manhajar ba ta ji labarin cikawa ba balle ta sa odar tsaida asara. Ƙarfe 3:00, bisa dokarta, ta aika saƙon soke odar da take zaton tana nan a buɗe. Kasuwa ta amsa da lambar `-2011`, cewa ba ta san wata buɗaɗɗiyar oda irin wannan ba. Wanda ya rubuta manhajar ya fassara wannan amsa da cewa odar ta riga ta tafi, shi ke nan, a ci gaba. Lallai ta tafi, amma cikawa ta yi, ba sokewa ba. Sai manhajar ta sa sabuwa a dala 59,800, ita ma aka cika ta cikin 'yan mintuna. Kafin ƙarfe huɗu farashi ya kai dala 58,200. A kan ta farko an yi asarar dala 180, a kan ta biyu dala 160, jimla dala 340 a inda aka shirya wa 60. Kuma ƙarfe huɗu na bugawa za ta maimaita abin da ta yi ƙarfe uku.

A lura cewa babu inda kasuwar ta yi ƙarya. Duk tambayar da aka yi mata ta amsa daidai. Tambayar da ta dace ce ba a yi ba.

E, a'a, da ban sani ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS ya san wannan hali. An tura kuɗi, na'ura ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta ce ba a samu amsa ba. Kuɗin sun fita ko ba su fita ba? Mai hankali ba ya cewa a sake turawa nan take, sai ya duba asusunsa tukuna. Ciniki ta intanet amsa uku gare shi, e da a'a da ban sani ba, kuma yawancin manhajojin da ke cinye wa masu su kuɗi an gina su ne a kan amsa biyu kacal.

Binance da kanta ta tanadi lamba domin amsa ta uku. `-1007` na nufin lokacin jira ya ƙare, ba a san ko an aiwatar da odar ba. Wasu daga cikin amsoshin `503` ma haka suke, takardun kasuwar sun gargaɗi mai manhaja kada ya ɗauke su a matsayin gazawa, domin mai yiwuwa odar ta shiga. Haka idan sabis ya yanke bayan saƙo ya fita amma kafin amsa ta dawo.

Kuskuren shaida kuwa yana da fuska biyu, gwargwadon abin da ake ƙoƙarin yi lokacin da ya zo. Idan sabuwar oda ake aikawa aka ƙi shaidar, an tsayar da ita a bakin ƙofa, ba ta shiga ba. Wannan da sauƙi. Idan sokewa ake yi aka ƙi shaidar, to sokewar ce ba ta shiga ba, odar tana nan a raye, tana iya cika kowane lokaci. Manhajar da ke goge oda daga lissafinta da zarar ta aika saƙon sokewa, ba ta jira tabbaci ba, ta saki oda a kasuwa babu makiyayi.

Mafi muni a cikinsu, a ganina, shi ne wanda ke faruwa wajen tambaya. Ga yadda yakan kasance a rubuce:

```python
try:
    odoji = karbo_budaddun_odoji()
except Exception:
    odoji = []
```

Ma'anar waɗannan layuka huɗu ita ce: ka tambayi kasuwa odojin da nake da su a buɗe, idan an samu matsala ka ɗauka babu ko ɗaya. An rubuta haka ne da kyakkyawar niyya, domin kada manhaja ta faɗi. Amma ranar da tokin ya mutu, kasuwa za ta ce ban gane ka ba, manhajar kuma ta ji kamar an ce ba ka da komai, sai ta sake zuba odojin da suke nan tun farko. Gara ta faɗi ta yi ihu da ta ci gaba a kan wannan fahimta. Rashin amsa dole ya zama wani hali na daban mai sunansa, kuma duk lokacin da manhaja take cikinsa an haramta mata buɗe sabon ciniki.

Irin wannan ciwo ya taɓa kayar da babban kamfani. Ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin Knight Capital na Amurka ya yi asarar sama da dala miliyan 400 cikin kimanin minti 45. Ba tokin ne ya mutu ba, wani tsohon sashen manhaja ne ya farka yana ta aika odoji ba tare da ya ƙidaya abin da aka riga aka cika ba. Sanadi ya bambanta, amma ciwon ɗaya ne: baki yana aiki, lissafi ya tsaya.

A raɗa wa oda suna kafin ta fita

Maganin farko tsohuwar al'adar 'yan kasuwa ce, a rubuta kafin a miƙa. Kafin manhaja ta aika oda, ta ba ta suna na kanta, ta rubuta a ma'ajiyar da ba ta gogewa idan wuta ta ɗauke, sannan ta aika. Binance tana karɓar wannan suna a gurbin `newClientOrderId`, har zuwa haruffa 36. Layin da za a rubuta bai wuce haka ba:

```
g7-0213  BTCUSDT  BUY  0.10  60000  ANA_AIKAWA
```

Amfaninsa yana bayyana ne lokacin da amsa ta ɓace. Lambar da kasuwa ke bai wa oda a cikin amsa take zuwa, idan amsar ba ta iso ba babu lambar. Sunan da ka raɗa da kanka kuwa yana hannunka tun kafin tafiya, don haka kana iya tambaya: ina labarin `g7-0213`? Za a ce maka tana buɗe, ko an cika wani sashe, ko an cika duka, ko an soke, ko kuma `-2013`, babu ita. Wannan amsa ta ƙarshe ma kada a yi saurin gaskata ta a sakan na farko, domin odar da ta makale a hanya tana iya isowa bayan tambayar. A ɗan jira, a sake tambaya, sannan a yanke hukunci.

Akwai wani tarko a nan da mutane da yawa ke faɗawa. Sukan ɗauka tun da oda tana da suna, sake aika ta ba zai yi illa ba, kasuwa za ta gane maimaici ne ta ƙi. Ƙa'idar Binance ita ce sunan ya zama ba shi da na biyu a cikin odojin da suke buɗe. Idan ta farko ta riga ta cika, ta fita daga wannan jeri, sunan ya zama fanko, kuma ta biyu za ta iya shiga da shi a matsayin sabuwa. Wato kariyar tana gushewa a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Shi ya sa aikin sunan shi ne a yi tambaya da shi, kuma tambayar ce ke gaba da kowace sake aikawa.

Da matashin namu ya bi wannan, ƙarfe 3:00 da aka ce masa `-2011` manhajar za ta tambayi halin odar, a ce mata `FILLED`, ta sa odar tsaida asara, ta kuma gane cewa an cika oda ba ta ji ba, alamar kunnenta ya mutu.

Ba kowane ƙi ne sabon tokin ke warkarwa ba

Idan kasuwa ta ƙi shaidarka, dalilai sun kasu, kuma maganin wani guba ne ga wani. Lambar `-1125` tana cewa `listenKey` ɗin babu shi, sai a karɓi sabo. Wannan manhaja tana iya yi da kanta. Lambar `-1021` kuma ba ta shafi mabuɗi ba sam, agogo ne. Kowane saƙo mai sa hannu yana ɗauke da lokacin da aka rubuta shi, kasuwa kuma ba ta karɓar wanda ya tsufa fiye da tazarar `recvWindow`, wadda asalinta sakan 5 ce, ko wanda ya riga agogonta da sakan guda. Kwamfutar da agogonta ya zame, ko sabis mai jan ƙafa, sun isa su jawo wannan. Maganin shi ne a tambayi agogon kasuwar a daidaita. Wasu kan faɗaɗa tazarar zuwa iyakarta ta sakan 60 domin su huta, amma hakan yana nufin odar da ta kwana minti guda a hanya za ta iya shiga a kasuwar da ta riga ta sauya.

Sai `-2015`, wadda ke cewa mabuɗin ko adireshin IP ko izinin aikin bai inganta ba. Wannan ta fi shafar mutanenmu. Mai hankali yakan ɗaure mabuɗinsa da adireshi guda domin ko an sace shi kada ya yi amfani a wani wuri. Amma wanda ke gudanar da manhaja daga gida a kan sabis na waya, adireshinsa yana iya canzawa duk lokacin da wuta ta ɗauke na'urar ta sake kunnuwa. Daga wannan lokaci baki ya mutu gaba ɗaya, ba aikawa, ba sokewa, ba tambaya. Ko sau dubu manhaja ta maimaita, amsar ɗaya ce, sai mutum ya shiga asusu da hannunsa ya gyara. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a ɗora irin wannan manhaja a kan saba ta haya mai tsayayyen adireshi.

Maimaitawa babu ƙaƙƙautawa ma tana da nata hukunci. Wanda ya cika turo saƙonni za a amsa masa da `429`, ma'ana ya sassauta. Idan ya ƙi ji sai `418`, an toshe adireshinsa, daga minti 2 har zuwa kwana 3 ga mai maimaita laifi. Ka duba yadda ƙaramar matsala ke girma: manhaja ta firgita saboda tokin, ta yi ta bugun ƙofa, aka kulle ta a waje, odojinta kuwa suna ciki. Abin da ya dace shi ne gwaji kaɗan da tazara mai ƙaruwa, sakan 1, sai 2, sai 4, sai 8, idan bai yi ba a tashi mai asusu da saƙon da zai ji ko yana barci. Har yanzu yana iya shiga ta manhajar wayarsa ya soke abin da ya kamata.

A wasu kasuwannin bakin ma tokin mai ƙarewa gare shi. Tsarin da aka fi amfani da shi sunansa OAuth 2.0, an kafa ƙa'idarsa a 2012. Ana ba ka tokin biyu, gajere na aiki da dogo na karɓo sabon gajere. A kamfanin dillancin hannun jari na Charles Schwab da ke Amurka, gajeren minti 30 yake yi, dogon kwana 7, bayan haka sai mutum ya shiga da kansa. Wanda ya san haka yakan sabunta dogon a ƙarshen mako lokacin da kasuwa ke rufe, kada ya mutu masa ranar Laraba da rana. A wannan tsari amsar `401` tana nufin a sabunta tokin, `403` kuma tana nufin an gane ka amma ba ka da izini, sabuntawa ba za ta amfana ba. Sannan idan manhaja tana da sassa da yawa masu aiki tare, ɗaya ne kawai zai je sabuntawa, sauran su jira. Wasu kamfanoni suna kashe tsohon dogon tokin da zarar an yi amfani da shi, to idan sassa biyar suka ruga da shi a lokaci guda, na farko zai samu, huɗun za a kore su, wani lokacin ma a soke shaidar baki ɗaya bisa zaton sata ce. Sabon tokin kuma a ajiye shi a ma'ajiya kafin a fara aiki da shi.

Bayan an dawo

Samun sabon tokin rabin aiki ne, kuma a nan ne gaggawa ke ɓata abu. Labarin da ya wuce lokacin da kunne yake mace ba za a sake turo shi ba. Manhajar ta dawo da tsohon lissafi a kanta, kasuwa kuwa ta yi gaba. Dole a daidaita littattafan biyu kafin a taɓa komai, kuma jerin matakan yana da muhimmanci.

A fara buɗe sabon kunne, a bar labaran da ke shigowa su taru ba a aiwatar da su ba. Sannan a tambayi kasuwa jerin buɗaɗɗun odoji da abin da asusu yake riƙe da shi. Dalilin fara da kunne shi ne idan aka fara da tambaya, duk abin da ya faru tsakanin amsar da buɗe layin zai faɗa rami, a sake komawa gidan jiya. Bayan an samu jerin sai a gwada shi da littafin gida. Odar da take a wurare biyu, a duba nawa aka cika daga cikinta. Wadda take a littafin gida amma babu ita a jerin kasuwa, a tambaye ta da sunanta, domin ko dai ta cika, ko an soke ta, ko ba ta taɓa isa ba, kuma kowanne da abin da yake bukata. Wadda take a kasuwa amma littafin gida bai san ta ba, a duba sunanta. Idan ya fara da alamar manhajar, kamar `g7-`, tata ce, ta karɓe ta. Idan ba haka ba, wataƙila mai asusun ne ya sa ta da hannunsa, kada a taɓa, a sanar da shi. Daga nan sai a bi labaran da suka taru, a watsar da waɗanda suka girmi jerin.

Wajen ƙidayar abin da aka cika, a riƙa amfani da jimlar da kasuwa ta bayar, wadda take kira `executedQty`, maimakon tara gutsattsari. Idan odar 0.10 ta cika 0.06, labarin ya zo ta kunne kuma ya zo ta tambaya, mai tara gutsattsari zai samu 0.12, fiye da odar kanta. Mai ɗaukar jimla ko sau goma aka gaya masa 0.06 zai rubuta. Gwajin ƙarshe shi ne adadin da littafin gida ya ce ana riƙe da shi ya yi daidai da na kasuwa. Idan sun saɓa, maganar kasuwa ce gaskiya, kuma manhaja ba ta da hurumin ci gaba har sai an gano inda bambancin ya fito. Abu na farko da za ta yi bayan daidaito shi ne ta tabbatar duk abin da take riƙe da shi yana da kariyarsa. Sabon ciniki shi ne na ƙarshe.

Ni ina ganin bai kamata a jira sai matsala ta bayyana kafin a yi wannan daidaitawa ba. A riƙa yin ta duk bayan minti ɗaya ko biyu ko da komai yana tafiya daidai. Saƙonni kaɗan take ci, kuma ita ce ke kama mutuwar kunnen da ba ta yi sallama ba. A daren da muka bi, da za ta gano odar da aka cika ƙarfe 2:41 kafin 2:43.

Idan aka kasa dawowa gaba ɗaya fa? Binance ta tanadi wani agogo mai suna `countdownCancelAll`. Manhaja ta saita shi, misali minti 2, ta riƙa mayar da shi baya duk sakan 30. Idan ta mutu ko aka ƙi shaidarta, ba mai mayarwa, lokaci ya cika, kasuwar ta soke buɗaɗɗun odojin wannan haja da kanta. Ga wanda ke zuba odojin saye da sayarwa da yawa yana neman ɗan bambancin tsakani, wannan kariya ce ta gaske. Amma odoji yake sokewa, ba ya rufe abin da aka riga aka saya, kuma odar da ka sa domin fita da riba tana cikin abin da zai share. Wanda yake riƙe da haja ya fara tantance waɗanne odojinsa ne agogon zai ci kafin ya kunna shi.

Duk wannan ana iya jarraba shi ba tare da asarar ko sisi ba, domin kasuwar tana da filin gwaji mai kuɗin wasa. Ka sa oda kusa da farashi, ka kashe `listenKey` da gangan, ka bari ta cika, ka ga minti nawa manhajar za ta ɗauka kafin ta gane. Ka cire wayar intanet bayan oda ta fita kafin amsa ta dawo. Ka karkatar da agogon kwamfutar da sakan goma. Ka goge mabuɗin ana tsakiyar aiki, ka ga ko wayarka za ta yi ƙara. Idan sayen manhajar ka yi, ka nemi wanda ya sayar maka ya yi waɗannan gwaje-gwaje huɗu a gabanka kafin ka haɗa ta da asusun da kuɗinka suke ciki.